Ban sa hannu a kan komi ba, me ya ɗaure ni da bin hukuma?

*Malam, ina shekarar farko a sashen shari'a a nan Tawa. A darasi an ce mana mutane suna bin hukuma ne saboda wata yarjejeniyar zaman tare da suka ƙulla. Ni dai ban taɓa sa hannu a wata takarda ba, na tambayi tsohona ya ce shi ma bai sa ba. Yaushe aka yi ta? Ni gani nake tsoron jandarma ne kawai ke sa mu bin doka.*

Ɗana, tsohonka gaskiya ya faɗa maka. Ba a taɓa tara mutanen Adar da Gobir da Damagaram a inuwa ɗaya, aka karanta musu sharuɗɗa suka dangwala yatsa ba. A Ingila da Faransa ma, inda wannan tunani ya yi ƙarfi, ba a yi ba. In ka shiga neman ranar a littattafan tarihi za ka sha wahalar banza. Yarjejeniyar ma'auni ce da ake ɗora mulki a kai, a ga ko ya cancanci a bi shi. Tambayar da take yi ita ce: da a ce an zo an tambaye ka, kana cikin hankalinka, ba wuƙa a wuyanka, za ka yarda da wannan tsari ko ba za ka yarda ba?

Kafin mu je can sai mu raba tambayoyi biyu da ka cuɗa wuri ɗaya. Ta farko, me ke sa mutane biyayya a zahiri? A nan kana da rabin gaskiya, tsoro yana ciki, haka ma sabo da tarbiyya da addini da neman amfani. Ta biyu, me ya sa ya wajaba su yi biyayyar? Wannan ita ce tambayar masu yarjejeniya, kuma tsoro ba ya amsa ta. Jean-Jacques Rousseau ya kawo misalin ɗan fashi da ya tare mutum a daji da bindiga. Dole ka miƙa masa jakarka, amma in ka samu hanyar ɓoye ta ba wanda zai ce ka ci amana. Ɗan fashi da mai karɓar haraji a kasuwa duk kuɗinka suke karɓa, duk kuma akwai ƙarfi a bayansu. In tsoro ne kaɗai tushen biyayya, to ba bambanci tsakaninsu sai kaki da rasit, kuma da jandarma ya juya baya nauyin ya sauka daga wuyanka. Amma kai ma ka san mutane da yawa da ba za su matsar da iyakar gonar maƙwabci ba ko da ba mai ganinsu, kuma in aka kira su gaban alƙali suna zuwa da ƙafarsu. Wannan bambancin, tsakanin wanda ya fi ka ƙarfi da wanda yake da haƙƙi a kanka, shi ake kira halacci.

Bari in ɗauki abu guda da ka sani, mu bi shi har ƙarshe.

Kaka ta yi a wani ƙauyen Adar. Manomi ya yanke rabin hatsinsa, rabi yana tsaye. Makiyaya sun fara gangarowa daga Azawak don tafkunan arewa sun soma ƙafewa. Cikin dare garke ya faɗa gonar. Da gari ya waye mai gona ya duba, mu ƙaddara ɓarnar ta kai dami ashirin, abincin gidansa na watanni. Ya bi sawu ya iske shanun da yaron da ke kiwonsu.

Yanzu ka cire hukuma kwata-kwata daga labarin. Ba maigari, ba sarki, ba alƙali, ba jandarma. Wannan shi ne matakin farko na duk masu wannan tunani, suna kiransa halin asali, mu kuwa za mu ce zaman kara zube. Me mai gona zai yi? Shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne mai zartarwa. Zai kama saniya ya ce diyyarsa ce. Mai shanu zai ce dami ashirin bai kai kuɗin saniya ba, kuma ma gonar ta cinye burtali, don haka shi aka zalunta. Zai tara ƴan'uwansa su je ƙwato ta. Mai gona ya san za su zo, shi ma ya tara nasa. Kowane ɓangare ya san wanda ya riga kai hannu shi ke da rinjaye, sai kowa ya ga jira wauta ce.

Ka lura ban sa mugu ko ɗaya a labarin ba, kuma nan ne ɗalibai suke yawan kuskuren fahimtar Thomas Hobbes. Sukan rubuta mini cewa Hobbes ya ce ɗan Adam mugu ne. Hujjarsa ba ta buƙatar haka. Abin da ya ce shi ne mutane sun yi kusan daidai da juna a ƙarfi, don mafi rauni ma yana iya kashe ƙaƙƙarfa ta hanyar dabara ko haɗa baki da wasu. Ya kawo abubuwa uku da ke haddasa faɗa: gasa a kan abu ɗaya, rashin amincewa da juna, da neman girma. Duk ukun suna cikin gonar nan. Ciyawa da hatsi a fili ɗaya suke, ba wanda ya yarda da lissafin ɗan'uwansa, kuma wanda ya haƙura za a ce ya ji tsoro. Na biyun shi ya fi haɗari, domin shi ke sa mutumin kirki ya fara kai hari. Ko da dattawan ɓangarorin biyu sun zauna sun yi alkawari, wa zai fara ajiye sandarsa? Shi ya sa Hobbes ya ce alkawarin da ba takobi a bayansa magana ce kawai.

Mutumin bai faɗi wannan don jin daɗin baki ba. Ya gudu Paris a 1640 da ya hango fitina, yaƙin basasa ya ɓarke a Ingila a 1642, aka sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, littafinsa Leviathan ya fito a 1651. Mu ma ba sai mun je Ingila ba. A Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Duk wanda ya san wannan ba zai ɗauki zancen Hobbes wasa ba.

Maganinsa shi ne mai gona ya ce wa mai shanu: na ajiye ikona na rama wa kaina na miƙa shi ga wancan na ukun, da sharaɗin kai ma ka ajiye naka. Ka riƙe wannan da kyau, a wurin Hobbes alkawarin tsakanin talakawa ne, junansu. Mai mulki ba ya cikin masu alkawarin, don haka ba za a ce ya karya shi ba, kuma ba a tuhumarsa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, to shi Hobbes ya kai wannan karin magana iyakarta. Duk da haka ya bar ƙofa ɗaya a buɗe. Tunda don kare rai aka yi abin, nauyin biyayya yana tsayawa ne muddin mai mulki yana iya kare mutane. In kariya ta faɗi, biyayya ta faɗi tare da ita.

Matsalar a fili take. In wancan na ukun shi da kansa ya kwashe hatsin ya haɗa da saniyar fa? John Locke, wanda littafinsa kan gwamnati ya fito a 1689 bayan an kawar da Sarki James na Biyu, ya ce wannan kamar mutum ne ya guje wa dila ya miƙa kansa ga zaki. Ni a ganina, ga ɗalibin shari'a Locke ya fi amfani, domin bai ce komi ne ya ɓace a zaman kara zube ba. Ya ce mai gona yana da haƙƙi a kan hatsinsa tun kafin a yi hukuma, mai shanu ma yana da haƙƙi a kan shanunsa, kuma dukansu sun san zalunci ba kyau. Abubuwa uku ne kawai babu: doka tsayayya da kowa ya sani, alƙalin da ba ruwansa da kowane ɓangare, da ƙarfin da zai sa a bi hukuncin. Don waɗannan ukun ake kafa hukuma, kuma iyakar abin da aka ba ta ke nan.

Ka ɗora su a kan abin da ake yi a ƙasarmu ka gani. Dokar da kowa ya sani: tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, a 1993 aka fitar da tsarin dokar karkara wanda ya kawo kwamitocin kula da filaye, a 2010 kuma aka yi dokar kiwo da ta amince yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Kowace kaka hukuma na tsayar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, dabbar da ta shiga gona ta yi ɓarna mai ita zai biya. Bayan ranar, wanda ya bar hatsinsa a fili ba shi da wannan hujjar. Burtali kuwa ba a noma shi. Alƙalin da ba ɗan gida ba: magana na fara zuwa gaban sarakunan gargajiya don sulhu, a aika a duba ɓarnar a ƙiyasta, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotu. Ƙarfin zartarwa: a nan jandarmanka ya shigo, kuma ka ga a ƙarshen layi yake, ba a farkonsa ba.

To mu koma gonar. Aka je aka duba, aka tarar dami goma sha biyu ne suka lalace, ba ashirin ba, kuma gefen gonar ya ɗan shiga burtali. Aka ce mai shanu ya biya kuɗin dami goma, mai gona ya janye daga burtali baɗi. Mai gona ya tafi yana ganin an rage masa, mai shanu ya tafi yana ganin an tsawwala masa. Me zai sa su karɓa? Ba don hukuncin ya yi musu daɗi ba ne. Mai gona ya yi asarar abin da yake ganin haƙƙinsa ne na dami goma, amma ya kwana a ɗakinsa ba gadi, rumbunsa ba wanda zai cinna wa wuta. Ya kuma san wata rana akuyarsa ce za ta shiga gonar wani, kuma ba zai so a yanka ta a nan take ba. Abin da ya amince da shi hanyar yanke hukuncin ce, tun kafin ya san ɓangaren da za ta faɗa. Wannan ita ce yarjejeniyar, kuma tana aiki ko ba takarda.

Locke ya kira mulki amana, kuma wannan kalmar ta fi kowace kusa da mu. Mai riƙon amana in ya ci ta, ana karɓe ta. Shi ya sa ya ce ba a ɗora haraji sai da yardar jama'a ko wakilansu, kuma in zalunci ya yi ta maimaituwa har alkiblarsa ta fito fili, jama'a suna da haƙƙin janye biyayya. Bai ce duk wanda hukunci bai yi wa daɗi ba ya ɗauki makami ba. Kuskure ɗaya ko biyu na masu mulki ana haƙuri da su a nemi gyara ta hanyar doka.

Yanzu ga inda ƙorafinka yake da ƙarfi, kuma ba zan rufe maka shi ba. Locke ya san mafi yawan mutane ba su taɓa furta yarda ba, sai ya ce akwai yarda ta shiru: wanda ya gaji gona, ko ya kama ɗaki na mako guda, ko ma ya bi hanya kawai a cikin ƙasa, ya yarda da dokokinta. David Hume ya rushe wannan a 1748. Ya ce talakan da bai san wani harshe ba, wanda abincin yau sai yau, za a ce masa zamansa a ƙasar zaɓi ne? Kamar mutum ne aka ɗauka yana barci aka sa a jirgin ruwa, ya farka a tsakiyar teku, a ce tunda bai faɗa ruwa ba ya amince da mulkin mai jirgi. A nan Hume ya yi gaskiya. Shiru yana zama yarda ne kawai in mutum yana da halin cewa a'a. Tsohuwar da aka haifa a ƙauyenta, ba ta taɓa wuce Ƙonni ba, ba za mu ce zamanta sa hannu ne ba.

Abin da ya rage bayan Hume abu biyu ne. Na farko Bahaushe ya riga ya faɗe shi: kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kana cin amfanin haƙurin da wasu suke yi na ƙin ɗaukar doka a hannunsu, bai dace kai kaɗai ka ƙi yin naka ba. Na biyu shi ne ma'aunin da na fara da shi, wato a daina neman yardar da aka yi, a tambayi ko tsarin irin wanda mai hankali zai iya yarda da shi ne. Immanuel Kant haka ya ɗauki abin a 1793, John Rawls kuma a 1971 ya ƙara masa wani sharaɗi mai kyau: ka zaɓi dokar alhali ba ka san matsayin da za ka samu kanka ba. Ka gwada shi da ranar sakin gonaki. In ba ka san ko za ka tashi manomi ko makiyayi ba, ba za ka sa ranar da wuri har shanu su cinye hatsin da bai gama bushewa ba, ba kuma za ka jinkirta ta har dabbobi su rame a bakin gonaki ba. Dokar da za ka tsayar a wannan hali ita ce wadda ɓangarorin biyu za su iya ɗauka tasu.

Rousseau, a littafinsa na 1762, ya ce wannan ma bai isa ba sai mutane sun sa hannu a yin dokar da kansu, domin bin dokar da mutum ya ɗora wa kansa shi ne ƴanci. Ya bambanta abin da ke amfanin jama'a gaba ɗaya da tarin son zuciyar ɗaiɗaikun mutane. A ƙauyen da manoma suka fi yawa, in aka kaɗa ƙuri'a a nome burtali, masu rinjaye sun samu abin da suke so, amma ba amfanin jama'a ba ne, domin dokar ba ta hau kan kowa daidai ba. Ina gargaɗin ɗalibaina a kan Rousseau da abu guda: ya ce wanda ya bijire za a tilasta masa ya zama mai ƴanci, kuma mai mulkin da ya ce shi kaɗai ya san amfanin jama'a yana iya fakewa da wannan magana. Mafi kusa da irin taron da Rousseau yake nufi a tarihinmu shi ne taron ƙasa na Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da kundin tsarin mulkin da aka kai ƙuri'ar raba gardama a Disamba 1992. Amma ko shi wakilai ne suka zauna, kai kuma ba a haife ka ba, don haka tambayar Hume tana nan daram.

Wani abu da ɗalibai kan tambaye ni shi ne ko wannan ba mubaya'a ba ce. Akwai kama sosai. Sayyidina Abubakar da aka yi masa mubaya'a ya ce a bi shi muddin yana bin Allah da Manzonsa, in ya saɓa ba biyayya a kansu. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta nan ƙasarmu, mubaya'a aka yi masa a Gudu a 1804. Biyayya mai sharaɗi ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ba Turawa suka kawo mana ita ba. Sai dai kar ka haɗe su a jarrabawa. A mubaya'a jama'a suna zaɓen wanda zai riƙe shari'ar da ba su ne suka kafa ta ba. A wurin Rousseau jama'a su ne tushen dokar kanta.

In kana son ka gane ko yarjejeniyar tana da rai a wani wuri, kar ka ƙirga jandarmomi, ka duba inda mutane suke kai ƙara. A gonarmu abin yana lalacewa ta hanyoyin da za ka iya gani da ido. Ranar sakin gonaki ta fito amma ba a sanar da ita a rugage ba, doka ta daina zama wadda kowa ya sani. Mai ƙiyasta ɓarna surukin mai gona ne, ko mai shanu ya riga ya kai wa mai sulhu ɗan maraƙi, alƙali ya daina zama na tsakani. An yanke diyya an yi shekara ba a biya ba kuma ba abin da ya faru, ƙarfin zartarwa ya faɗi. Wakilin makiyaya yana cikin kwamiti a takarda amma ana zama lokacin da yake arewa da shanu, yarda ta zama suna kawai. Duk inda waɗannan suka taru za ka ga mai gona ya daina zuwa wurin maigari, ya kama saniyar da kansa ya ɗaure a bayan gida, mai shanu kuma ya tafi neman ƴan'uwansa.